Waya Na Nema, Talabijin Na Gabanta: Abin Da Ke Hana Su Haɗuwa

Duk mai sayar da kayan wuta ko mai gyaran waya a Taminus, daga shagunan titin Ahmadu Bello har lungunan da 'yan kasuwa suka bazu cikinsu tun bayan gobarar da ta cinye babbar kasuwar Jos a watan Fabrairun 2002, ya san wannan ƙorafi. Mutum zai shigo da waya a hannu, ya ce: "Injiniya, yara sun ɓatar mini da rimot, na sauke manhaja a waya, amma ta ƙi ganin tibin." In aka tambaye shi, sai ya rantse har gaban gilashin ya kai wayar, saura kaɗan su taɓa juna, amma ba abin da ya fito sai 'yar da'irar nan da ke ta juyawa.

Kai wayar gaban gilashi shi ne ke nuna inda aka yi kuskuren fahimta. Mun saba da rimot na gargajiya, wanda in ya ƙi aiki sai a matsa kusa, a nuna shi saiti, a ɗan bubbuga bayansa. Yawancin manhajojin waya ba haka suke aiki ba. Kusanci bai dame su ba. Waya tana iya sarrafa talabijin daga bayan gida, tana kuma iya kasa gano shi alhali tana jingine a jikinsa.

Hanyoyin da waya ke zama rimot uku ne: haske, waifai da bulutut. Bulutut ɗin kaɗan ne ke amfani da shi a wannan aiki, don haka za mu bar shi gefe. Sauran biyun kuwa ba su haɗa komai ba, kuma rabin wahalar da mutane ke sha daga cakuɗa su take fitowa.

Wayar da ke da ido a ka

Rimot na gargajiya yana da ɗan ƙwai a goshinsa mai fitar da hasken infirared, wanda idon mutum ba ya gani. In ka danna maɓalli, ƙwan yana kiftawa da sauri, a yawancin rimot sau 38,000 a daƙiƙa ɗaya, yana yankewa yana dawowa bisa wani tsari da ke nufin "ƙara murya" ko "sauya tasha". Mai son gani da idonsa sai ya nuna rimot ga kyamarar waya ya danna. A wayoyi da yawa zai ga ƙwan yana walƙiya da launi mai kama da shuni. Da haka masu gyara ke gane rimot mai rai da matacce.

Wasu wayoyi suna da irin wannan ƙwai, ɗan baƙin ɗigo a saman wayar. Yawancin Redmi, Xiaomi da Poco suna da shi, haka wasu Huawei da wasu sababbin Infinix da Tecno. Samsung ta daina sa shi a manyan wayoyinta bayan Galaxy S6 ta 2015, iPhone kuwa ba ta taɓa samunsa ba. Wayar da ba ta da ƙwan nan, babu manhajar da za ta ƙirƙiro mata shi. Manhajojin da ke alƙawarin mayar da kowace waya rimot na kowane talabijin, akasarinsu talla kawai suke zuba maka, su cinye data.

A wannan hanya waya ba ta neman talabijin sam. Magana ce ta gefe ɗaya: waya ta yi walƙiya, in talabijin ya gane ya bi, in bai gane ba ya yi shiru, kuma wayar ba ta san abin da ya faru ba. Shi ya sa manhaja irin Mi Remote ke cewa ka zaɓi sunan kamfani, ka danna maɓallin kunnawa, sannan ta tambaye ka ko talabijin ya amsa. In ka ce a'a, ta ba ka tsari na gaba. Kai ne idonta.

Inda ake yawan cijewa a nan shi ne talabijin da aka taɓa gyarawa. Idan uwar allon ciki ta ƙone, masu gyara kan sa wani allo na gama-gari wanda ke hawa kowane gilashi. Sunan da ke goshin talabijin yana nan yadda yake, amma ƙwaƙwalwar da ke ciki ta wani ce, kuma harshen da take ji daban ne. Za ka gama duk tsare-tsaren kamfanin da ke rubuce ba ka dace ba. Haka nan hasken rana mai ƙarfi in yana dukan idon talabijin, kamar a shagon da ke fuskantar titi, yana iya dusashe saƙon.

Akwai kuma wani abu da ya shafi Jos musamman. A nan ne aka ƙaddamar da gwajin komawa talabijin na dijital a Najeriya, ranar 30 ga Afrilun 2016, aka shigo da dikodojin FreeTV. Da su da na GOtv, StarTimes da DStv, gidaje da yawa a kan dikoda suke sauya tasha, talabijin ɗin gilashi ne kawai. Yawancin dikodojin nan da haske ake sarrafa su. Don haka ko wayarka ta kama talabijin ta waifai sarai, murya da kashewa za ta ba ka, tashar dikoda ba za ta motsa ba.

Cigiya a cikin unguwa

Hanya ta biyu ita ce ta talabijin mai shiga intanet, kuma a nan ne kalmar "nema" ke da ma'ana. Kowane kamfani da manhajarsa: SmartThings ga Samsung, LG ThinQ ga LG, VIDAA ga Hisense masu wannan tsari, sai Google TV ga duk mai tsarin Android TV, irin su Sony da TCL da dama.

Lokacin da ka buɗe manhajar, waya ba ta san adireshin talabijin ba. Abin da take yi shi ne cigiya. Kamar yadda ake ɗaukar lasifikar masallaci a ce wanda ya ga yaro mai riga kaza ya kawo shi, haka waya ke jefa saƙo ɗaya ga duk na'urorin da ke kan waifai ɗin da take, tana tambaya ko akwai talabijin a nan. Wanda ya ji ya amsa da sunansa da adireshinsa, sai sunan ya bayyana a wayarka. Tsare-tsaren cigiyar biyu ne suka fi yawa. Ɗaya sunansa mDNS, yana aika saƙo zuwa 224.0.0.251, shi kayan Google da Apple suka fi amfani da shi. Ɗayan SSDP, yana aikawa zuwa 239.255.255.250. Ba sai mai karatu ya haddace lambobin ba. Abin riƙewa shi ne da gangan aka tsara cigiyar don kada ta fita daga unguwa. Rawuta ba ta tsallakar da ita zuwa wata rawutar, balle zuwa intanet.

Unguwa a nan ba ɗaki ba ce, ba kuma shago ba. Ita ce rukunin na'urorin da rawuta ɗaya ta raba wa adireshi. Waya da talabijin suna iya zama kan teburi ɗaya, dukansu suna da intanet, dukansu suna buɗe YouTube, amma kowanne a unguwarsa. A irin ginin Taminus, inda bene ɗaya zai ɗauki shaguna birjik, kowane da maifai ɗinsa ko rawutarsa, ga hosfot na yaran shago, wannan ba abin mamaki ba ne.

Bari mu bi matsala ɗaya daga farko har ƙarshe

A ɗauki misalin mai shagon aski da ya rataye talabijin mai Android TV a bango, can sama inda hannu ba ya kaiwa. Yana da rawuta mai layin waya wadda ake jonawa a soket. Ya haɗa wayarsa da manhajar Google TV, talabijin ya nuna masa lamba mai harufa shida, ya rubuta a waya, komai ya tafi daidai. Wata safiya aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta, talabijin ya dawo yana nuna bidiyo lafiya lau, amma waya ta ce ba ta gan shi ba.

Mai gyaran da ya san aikinsa ba zai fara da goge manhaja ba. Zai fara da lambobi biyu. A waya zai shiga Settings, ya taɓa sunan waifai ɗin da take kai, ya karanta abin da ke gaban IP address. A ce ya ga 192.168.8.102. Sai ya nemi hanyar shiga saitin talabijin, ko da aron rimot ne daga maƙwabci, ya buɗe Network & Internet, ya karanta nasa. A ce ya ga 192.168.43.57.

Magana ta ƙare a nan. A rawutocin gida da na shago, kashi uku na farko na lambar su ne sunan unguwa, na huɗun shi ne lambar gida. Waya tana unguwar 192.168.8, talabijin yana 192.168.43. Wannan ta biyun kuwa sananniya ce, ita ce lambar da wayoyin Android da yawa, musamman tsofaffi, ke bayarwa in an kunna hosfot. Da iPhone ce ke ba da hosfot ɗin, da 172.20.10 za a gani.

Yaya aka yi talabijin ya koma can? Wata rana da datar rawuta ta ƙare ana tsakiyar kallon ƙwallo, yaron shago ya kunna hosfot ɗinsa ya haɗa talabijin, shi kuma ya ajiye sunan da kalmar sirrin. Da wuta ta dawo, talabijin ya tashi cikin 'yan daƙiƙu, ita kuwa rawuta tana bukatar minti ɗaya ko biyu kafin ta fara watsa waifai. A wannan ɗan tsakani talabijin ya duba, bai ga rawuta ba, ya ga hosfot ɗin yaro a kunne, ya hau. Tunda yana samun intanet, bai ga dalilin sauka ba. Ga maigida yana neman talabijin, ga yaro yana mamakin inda datarsa ke zurarewa.

Gyaran ba shi da wuya: a mayar da talabijin kan rawuta, sannan a shiga sunan hosfot ɗin a danna Forget network, don in ba a goge shi ba, ɗauke wuta na gaba zai maimaita abin.

Juyin wannan matsala ma yana faruwa, kuma ya fi yawa. Talabijin yana kan rawuta, amma datar rawutar ta ƙare. Waya ta lura waifai ɗin ba intanet, sai ta koma kan datar layinta ba tare da ta faɗa ba, wani lokaci ma alamar waifai tana nan a sama. Cigiyar sai ta rasa hanyar fita. A kashe datar waya na ɗan lokaci, a sake buɗe manhajar, sau da yawa sunan talabijin zai fito, domin cigiyar kanta ba ta bukatar intanet, rawuta kawai take bukata ta haɗa su.

In kuwa lambar talabijin ta fara da 169.254, to rawuta ba ta ba shi adireshi ba ke nan, shi ya laƙaba wa kansa. A kashe rawuta a kunna, a jira ta gama tashi, sannan a cire talabijin daga soket a mayar. Rawuta ce ya kamata ta fara tashi, ba talabijin ba.

Unguwa ɗaya, amma shiru

To a ce an gyara, waya tana 192.168.8.102, talabijin ya koma 192.168.8.105, amma har yanzu ba labari. A nan gwaji ɗaya ne ke raba gardama. Akwai ƙananan manhajoji kyauta da ke ƙwanƙwasa ƙofar na'ura kai tsaye ba tare da cigiya ba, haka ma daga kwamfutar da ke kan rawutar ana iya rubuta:

```
ping 192.168.8.105
```

In amsa ta dawo, hanya a buɗe take, cigiyar ce kawai ake toshewa. In ba ta dawo ba, akwai katanga tsakaninsu ko kuma talabijin yana barci.

Katangar da aka fi cin karo da ita a wayoyinmu ita ce VPN. Tun lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mutane da yawa suka sauke ta, wasu kuma suna riƙe da ita don neman data mai araha. VPN tana kwashe saƙonnin waya ta tura su wata ƙasa ta cikin rufaffiyar hanya, don haka talabijin da ke gabanka ba ya jin komai. Alamarta ɗan makulli ne a saman gilashin waya. A kashe ta a gwada. Wanda ba ya son rabuwa da ita sai ya duba ko tana da zaɓin barin na'urorin gida su wuce, yawanci da suna irin Allow LAN.

Katanga ta biyu a jikin rawuta take. Akwai saiti mai suna AP isolation, wani wuri Client isolation, wanda ke barin kowace na'ura ta shiga intanet amma ya hana su magana da juna. Otal-otal da wuraren da ake sayar wa jama'a waifai suna kunna shi da gangan, kuma suna da gaskiya, don kada baƙo ya leƙa kwamfutar baƙo. Haka waifai na baƙi, wanda sunansa ke ƙarewa da Guest. In rawutar taka ce, ka rubuta adireshinta a burauza, kamar 192.168.8.1 ko 192.168.0.1, yana rubuce a takardar da ke manne a bayanta, ka kashe saitin. In ta mai bene ce da ke raba wa shaguna, ba yadda za ka yi sai ka nemi taka.

Za ka ji ana cewa dole waya da talabijin su zauna kan zango ɗaya, wato kada ɗaya ya hau 2.4GHz ɗaya ya hau 5GHz. Maganar ba ta cika daidai ba. A rawuta mai lafiya zangon biyu unguwa ɗaya ne, kuma suna jin juna. Sai dai akwai rawutocin da ba sa tsallakar da cigiya tsakanin zangon biyu yadda ya kamata, shi ya sa shawarar kan yi aiki wani lokaci. Gwadawa ba laifi, amma ba a nan za a fara ba.

In amsar ƙwanƙwasawa ta dawo amma manhaja ba ta gani, sai a zargi wayar kanta. Tun daga iOS 14 na 2020, iPhone tana tambaya ko ka yarda manhaja ta nemi na'urori a kan waifai ɗinka. Mutane da yawa, saboda tsoron 'yan damfara, suna danna ƙin yarda ga duk abin da ya fito, kuma tambayar ba ta sake dawowa. Ana gyarawa a Settings, a shiga Privacy & Security, sannan Local Network. A Android izinin da ke kama da shi sunansa Nearby devices, wasu manhajojin kuma suna neman Location. Sannan wayoyin da ke matse manhajoji don batir ya daɗe suna iya hana su sauraron amsa. Wasu manhajojin suna da wurin rubuta adireshin talabijin da hannu, wanda ke tsallake cigiyar gaba ɗaya, sai dai a sani adireshin yana iya sauyawa duk lokacin da rawuta ta mutu ta tashi.

Saura barci. Talabijin da aka kashe, jar fitila na ci, yawanci ya kashe waifai ɗinsa ma don rage cin wuta, ba mai amsa cigiya. Sai an kunna saiti na musamman yake barin kunne ɗaya a buɗe: Power On with Mobile a Samsung, TV On With Mobile a LG, Remote start a Sony. Mu kuma da muka saba kashe soket daga bango don tsoron wuta mai ƙarfi, wannan saiti ba ya tsinana mana komai. Talabijin da ba wuta a jikinsa, ko wanda wuta ta dawo masa bai riga ya hau waifai ba, sai an kunna shi da hannu.

Wanda ba zai taɓa amsawa ba

Akwai rukunin da duk dabarun nan ba za su yi masa aiki ba, kuma a ganina nan ne mai saye ya fi cutuwa. Talabijin masu araha da yawa ana rubuta musu Android a kwali, in ka kunna ka ga manhajoji, amma Android ɗin waya ne aka miƙe shi ya cika gilashi, ba Android TV da Google ta amince da shi ba. Manhajar Google TV da wani ɓangare take magana a cikin talabijin mai suna Android TV Remote Service. In babu shi, ko shekara za a yi ana cigiya ba mai amsawa. Ana dubawa a Apps, a buɗe See all apps, sannan Show system apps. In yana nan amma ya rikice, a goge bayanansa a sake haɗawa. In babu shi kwata-kwata, sai dai manhajar da mai ƙirar ya tanada, in ya tanada, ko a koma ga haske.

Sai matsalar wanda ya sayi talabijin na hannu ba rimot, ko ya tashi daga tsohon gida ya sauya rawuta bayan rimot ya ɓata. Waya ba za ta kama talabijin ba sai ya hau waifai, shi kuma ba zai hau ba sai an danna masa. Mafita akwai. In kana tune da sunan tsohon waifai da kalmar sirrinsa, ka sa wa hosfot ko sabuwar rawuta wannan suna da wannan kalma, harafi da harafi, babba da ƙarami. Talabijin zai ɗauka tsohon ne ya hau da kansa. In ba ka sani ba, linzamin kwamfuta ko allon rubutu mai USB yana aiki a jikin talabijin da yawa, ko a ja wayar intanet daga rawuta zuwa bayansa in yana da ramin. Abu ɗaya za a kiyaye: in hosfot za a yi, gara wata wayar ta bayar, taka ta hau a matsayin baƙuwa. Wasu manhajojin suna duba ko waya tana kan waifai kafin su fara nema, ita kuwa mai ba da hosfot a wurinsu ba ta kai.

Ko an ci wannan, akwai mataki na ƙarshe da ke bukatar hannu. Samsung da LG sukan fito da tambaya a gilashi, a yarda ko a ƙi, kuma sai an danna. In wani ya taɓa danna ƙi, talabijin yana riƙe sunan wayar a jerin waɗanda ya hana. A Samsung ana goge shi a Device Connection Manager. Takurawa ce, amma ita ke hana maƙwabcin da kuke waifai ɗaya ya sauya maka tasha daga shagonsa.

Don haka mai niyyar sayen talabijin a Taminus, kafin ka biya, ka ce wa mai shago ya jona shi, ku hau waifai ɗaya, ka ga sunansa ya fito a wayarka kuma ya bi umarni, kada ka tsaya ga rubutun kwali. In na hannu ne ba rimot, ka tsallaka wurin masu sayar da rimot ka sayi wanda ya dace da shi a gwada a gabanka. Waya tana iya ɗauke maka aikin yau da kullum, amma ranar da talabijin ya sauka daga waifai, da rimot ɗin za ka mayar da shi.